Ina Canjin? Yadda Ake Riƙe Kuɗin Ƙananan Hidimomi A Ofis

A kusan kowane ƙaramin ofis akwai wata durowa da ba a tuna ta sai ranar rigima. Cikinta ake ajiye kuɗin fetur ɗin janareta, da na ruwan sha, da kuɗin motar masinja, da ladan mai gyaran famfo. Babu wanda ke ɗaukar waɗannan kuɗaɗe da nauyi, domin kowane ɗaya bai taka kara ya karya ba. Dubu biyu ce yau, dubu biyar gobe. Sai ƙarshen wata mai ofis ya duba ya ga an ciro dubu ɗari biyu daga banki don wannan durowar, ya tambayi inda suka shiga, a miƙo masa rasit shida da suka yamutse, sauran kuma kowa ya ce ai an kashe su a hidimar ofis. Sau da yawa gaskiya ake faɗa, an kashe ɗin. Amma babu mai iya nunawa, kuma wanda makulli ke hannunsa shi ake yi wa kallon ɓarawo ko da bai ci ko sisi ba.

Maganin da akantoci suka daɗe suna amfani da shi sunansa tsarin impires, kalmar da duk wanda ya yi aikin gwamnati a Nijeriya ya sani. Dokokin kuɗi na gwamnatin tarayya, bugun 2009, sun raba shi gida biyu: akwai na dindindin da ake cikewa lokaci-lokaci a tsawon shekara, akwai na musamman da ake bayarwa don wani aiki guda, a kawo lissafinsa da zarar aikin ya ƙare. Na dindindin ɗin shi ne ƙaramin ofis ke bukata, ko makaranta ce mai zaman kanta, ko ɗakin shan magani, ko ofishin lauya, ko na wata ƙungiya. Dukkan tsarin a kan magana ɗaya ya tsaya. Ana yanke adadi guda a zuba a akwati, kuma daga ranar, duk lokacin da aka buɗe akwatin, tsabar kuɗin da ke ciki idan aka haɗa da takardun kuɗin da aka kashe dole su ba da wannan adadin cif. Idan dubu ɗari aka zuba, to ko da tsakar rana aka zo, kuɗi da takarda su tashi dubu ɗari. Kuɗi ba ya fita sai takarda ta shiga ta zauna a gurbinsa.

Nawa za a zuba? Kada a yanke da ka. A yi wata guda ana rubuta duk abin da aka kashe a ƙananan hidimomi, ko a littafin 'yan makaranta ne, sannan a duba. Mu ɗauki misalin ofis mai ma'aikata takwas, wanda lissafin wata ya nuna yana kashe kimanin naira 40,000 a mako. Idan duk mako biyu za a riƙa cike akwatin, ana bukatar 80,000, a ɗora 'yar rara don ko-ta-kwana, sai a tsaya a 100,000. Idan kuɗin ya yi kaɗan, kullum ana kan hanyar banki, daga nan sai ma'aikata su fara saya da kuɗin aljihunsu suna bin ofis bashi, lissafi ya dagule. Idan kuma ya yi yawa, ya zama asusun rance na ma'aikata, kowa ya san akwai kuɗi kwance. Adadin ba ya dawwama. Ofishin da ya yanke nasa kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, ya ga cikin 'yan kwanaki kuɗin janareta kaɗai ya kusa cinye akwatin. Idan irin haka ta faru, a zauna a ƙara adadin a rubuce, da sa hannun mai ofis da kwanan wata, maimakon a riƙa ƙara kuɗi a kai a kai babu wanda ya san jimillar da ta kamata a tarar.

Abu na biyu da za a yanke shi ne iyakar abin da za a iya biya daga akwatin a saye guda. A misalinmu a ce 15,000. Duk abin da ya haura wannan, kamar gyaran na'urar sanyaya ɗaki ko sayen batir, a biya shi daga banki. Albashi, da rancen albashi, da kuɗin haya ba su da hurumi a akwatin ko da sun yi ƙasa da iyakar. Sannan kada a zuba kuɗin shiga a ciki. Wannan kuskuren ya fi yawa a makarantu da ɗakunan shan magani: uba ya kawo kuɗin fom, a jefa a durowar, an jima a ɗauka a sayi alli. Da zarar kuɗin shiga ya gauraya da na kashewa, adadin da aka yanke ya rasa ma'ana, kuma babu ƙidayar da za ta iya nuna gibi. Kuɗin shiga yana da rasit ɗinsa da jakarsa, banki zai tafi.

Sai mai riƙo. Mutum ɗaya ne zai riƙe akwatin da makullinsa, sakatariya ce ko kashiya. Makulli na biyu a sa shi a ambulan, a manne, mai ofis da mai riƙo su sa hannu a kan mannin, a ajiye a wani wuri. Dalilin bai da wuyar ganewa: in mutum biyu na buɗe akwati, ranar da aka ga gibi babu wanda za a tambaya. Wanda ke ba da izinin kashewa kuma ya zama daban da mai riƙo, manaja ko shugaban ofis. In da hali, mai ƙidaya ya zama na uku. A ofishin da mutum uku ne kacal ba za a samu wannan rabon sosai ba, to a nan mai ofis da kansa zai riƙa ƙidaya, kuma kada ya riƙe makulli.

Bauca ita ce takardar da ke shiga idan kuɗi ya fita. Ana sayar da littafinta a shagunan kayan rubutu, ko a ba mai ɗab'i ya buga da sunan ofis. Abin da ya fi komai muhimmanci a jikinta shi ne lamba, kuma lambar ta zo a buge, a jere, tun daga maɗaba'a. Baucar da ake rubuta wa lamba da biro ana iya yage ta a sake wata babu wanda ya sani, amma idan bugaggiya ce aka ga 044 sannan 046, dole a tambayi ina 045. Wadda aka yi kuskure a kanta ba a yarwa. A ja mata layi biyu, a rubuta "an soke", a bar ta cikin 'yan'uwanta. Bayan lamba sai kwanan wata, da sunan wanda ya karɓi kuɗin, da abin da aka saya, da adadin kuɗi, da sa hannu uku: na mai izini, na mai biya, na mai karɓa.

Wurin bayanin abin da aka saya nan ake yin ha'inci, nan kuma ake yin lalaci. "Kayan ofis" ba bayani ba ne. "Rim biyu na farar takarda" bayani ne. "Fetur" bai isa ba, a rubuta lita nawa, domin wata rana za a so a gwada litocin da awannin da janareta ya yi yana aiki. Adadin kuɗi kuma a rubuta shi sau biyu, da lamba da kalmomi, da biro. Mai son zuciya ba ya shan wahala wajen mayar da 1,500 ta koma 7,500, ɗan karan layi ɗaya ne a saman ɗaya. Amma "dubu ɗaya da ɗari biyar" ba ta gyaruwa sai an ga tabo.

A nan za a ce, to ai rabin abin da muke saye babu rasit. Haka ne. Mai adaidaita sahu ba ya ba da rasit, haka mai kwashe shara, haka mai ruwa a kura, haka yaron da ya hau rufi ya gyara yoyo. Ofishin da ya dage cewa sai da rasit za a biya, abin da zai samu shi ne rasit na ƙarya, domin littafin rasit ba shi da tsada a kasuwa kuma kowa na iya cika shi. Gara a yarda da gaskiyar lamarin a tsara mata hanya. Idan mai aikin yana nan, ya sa hannu a baucar da kansa, ko ya dangwala yatsa, a rubuta lambar wayarsa. Idan kuɗin mota ne, a rubuta daga ina zuwa ina da dalilin tafiyar, sannan ofis ya riƙe 'yar takarda mai nuna kuɗin da aka saba biya zuwa wuraren da ake yawan zuwa, banki da kasuwa da tasha, a riƙa sabunta ta idan farashi ya motsa. Inda kuwa ake ba da rasit, gidan mai da manyan shaguna, babu uzuri, a karɓo a maƙala a bayan bauca. Rasit ɗin da na'ura ke fitarwa a siririyar takarda mai sulɓi rubutunsa yana dushewa cikin 'yan watanni, balle a zafin bazara, don haka a yi masa hoto ko kwafi tun yana karantuwa.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne tsakanin fitarsa daga akwati da dawowar wanda aka aika. An ba masinja 10,000 ya sayo kaya, ba a san nawa za su ci ba, don haka ba a rubuta bauca ba tukuna. Ya dawo ana tsakiyar wani aiki, ya ajiye kayan, aka ce an jima a yi lissafi, an jima ta zama gobe, gobe ta zama mantuwa. Dabarar ita ce takardar riƙo: 'yar takarda da mai karɓa zai sa wa hannu cewa ya karɓi kaza don sayen kaza, a jefa ta a akwati nan take. Ita ma ana lissafa ta a matsayin kuɗi idan an zo ƙidaya. Da ya dawo da rasit da canji, a rubuta baucar ainihin abin da aka kashe, a yaga takardar riƙon a gabansa. A ba ta wa'adi, kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta yi mako a akwati ta zama rance, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Ni a ganina babban mai karya wannan tsari ba masinja ba ne, mai ofis ne. Shi ke leƙowa da sauri ya ce, "Hajiya, ba ni dubu biyar, zan dawo mu rubuta." Wace sakatariya ce za ta ce wa maigidanta sai ya sa hannu? A al'adarmu neman sa hannun babba kan 'yan kuɗi kaɗan yana kama da zargi, kuma mutane da yawa sun gwammace su cike gibin daga aljihunsu da su buɗe baki. Saboda haka tun ranar farko mai ofis ya faɗa a gaban kowa cewa dokar ta hau kansa, kuma ya fara nunawa a aikace. Idan ta miƙo masa takarda ta ce, "Ranka ya daɗe, ga nan wurin sa hannu," ya sa ba tare da ya ɓata rai ba. Wanda ke ganin rubutu rashin yarda ne ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ƙanƙaninsa da babbansa, kuma tsakanin muminai ake maganar.

Kowace bauca ana shigar da ita a littafin akwati a ranar da aka rubuta ta, layi ɗaya: kwanan wata, lamba, bayani, adadi, da abin da ya rage. Ana iya ja wa littafin ginshiƙai na fetur, sufuri, kayan rubutu, gyare-gyare, da sauransu, don a ga inda kuɗi ya fi tafiya. Wannan ba wani aiki ba ne, minti biyar ne kafin a tashi.

Yanzu mu koma ofishinmu mai ma'aikata takwas ranar Juma'a da safe, mako biyu bayan an zuba 100,000. Akanta ya zo ƙidaya. Ba ya karɓar akwatin ya shiga ɗaki shi kaɗai. A gaban mai riƙo ake ƙirgawa, kuma kuɗi ake fara ƙirgawa kafin a buɗe littafi, don kada ido ya nemi adadin da zuciya ke so. Ana rubuta kowane nau'i daban. An tarar da 'yan dubu-dubu goma sha huɗu, 14,000 ke nan. 'Yan ɗari biyar-biyar guda tara, 4,500. 'Yan ɗari bibbiyu guda shida, 1,200. 'Yan ɗari-ɗari biyar, 500. Da 'yan hamsin guda biyu, 100. Jimilla 20,300.

Littafi kuma ya ce an kashe 73,500, wato ya kamata a tarar da 26,500. Gibin 6,200 ke nan. A wannan gaɓar ce ofisoshi da yawa ke ɓata lamarin, a fara ɗaga murya, mai riƙo ta fara rantsuwa. Akantan da ya san aikinsa ba ya cewa komai tukuna. Sai ya sake ƙirga kuɗin, ya samu dai 20,300. Sannan ya ajiye littafin gefe, ya jera baucocin bisa lamba, daga 041 zuwa 050, ya tabbatar babu wadda ta ɓace, ya tara su da kansa. Fetur sau biyu, 14,000 kowanne. Ruwan sha 4,500. Kuɗin motar masinja 1,800. Takarda 13,000. Gyaran famfo 6,500. Data 5,000. Ƙwan lantarki da soket 5,400. Lemo da ruwan baƙi 7,200. Kwashe shara 3,000. Suka tashi 74,400.

Baucoci sun ce 74,400, littafi ya ce 73,500. Bambancin 900 ne, kuma akantoci suna da wata tsohuwar dabara a nan: idan bambanci ya rabu da tara babu saura, a fara zargin an juya lambobi biyu wajen kwafa. Haka kuwa aka yi. Bauca ta 048, ta ƙwan lantarki, 5,400 ce, amma a littafi an rubuta 4,500. Ba kuɗi ne ya ɓata ba, hannu ne ya zame. Aka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, aka rubuta daidai a sama, aka sa hannu a gefe. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. Yanzu abin da ya kamata a tarar 25,600 ne, gibi ya sauko zuwa 5,300.

Sai tambaya: akwai wanda ya karɓi kuɗi ba a rubuta ba? Mai riƙo ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ranar Laraba manaja ya karɓi 5,000 lokacin da 'yan unguwa suka zo karɓar karo-karon gyaran taransifoma. Aka kira shi, ya ce ƙwarai an yi haka, ya manta. Hidimar ofis ce, don haka aka rubuta bauca ta 051 da kwanan watan ranar ƙidaya, aka bayyana a jikinta cewa ranar Laraba kuɗin ya fita. Ba a mayar da kwanan wata baya. Tunda manaja ne ya karɓa, ba shi zai ba kansa izini ba, mai ofis ne ya sa hannu. Da a ce hidimar gidansa ya yi da kuɗin, da ba bauca za a rubuta ba, dawo da su zai yi. Saura 300. Da aka bi baucocin ɗaya bayan ɗaya ana tambayar nawa aka miƙa, sai aka gano an ba masinja 2,000 a tafiyar da ta ci 1,800, canjin 200 na aljihunsa. Ya kawo, kuɗin hannu ya zama 20,500.

Naira 100 ta rage, an duba an rasa. Abin da bai kamata a yi ba shi ne mai riƙo ta zaro ɗari daga jakarta ta jefa don a huta. Ranar da aka saba da haka, ranar da aka samu rara ma aljihu za ta shiga, kuma ƙidaya ta daina faɗin gaskiya. Aka rubuta bauca ta 052 da sunan gibi, naira 100, akanta da mai riƙo suka sa hannu. Gibin ɗari sau ɗaya ba komai ba ne, canji ne ya shige wa wani. Amfanin rubuta shi sai bayan wata uku, idan aka waiwaya aka ga ko sau ɗaya ya faru ko duk ƙidaya ne, ko kuma yana girma. Ofis ya yanke tun farko iyakar gibin da zai ɗauka, abin da ya wuce nan kuma a bincika. Rara ma haka ake rubuta ta, kuma kada a yi murna da ita: yawanci tana nufin an rubuta baucar da ba a biya mai ita ba, ko wani kuɗin shiga ya faɗo akwatin.

Lissafi ya rufe ke nan: baucoci 74,400, da 5,000, da 100, sun zama 79,500, a haɗa da kuɗin hannu 20,500, an samu 100,000. Abin da za a ciro daga banki don cike akwatin 79,500 ne daidai. Kada a ce bari a cike 80,000 don ya yi daɗin faɗa, domin wannan ɗari biyar ɗin ita ce za ta rikita ƙidaya ta gaba, a wayi gari babu wanda ya san ko akwatin na dubu ɗari ne ko na dubu ɗari da wani abu. Kafin a saki kuɗin, mai izini ya buga hatimin "an biya" da kwanan wata a kan kowace bauca da kowane rasit, ya cire su daga akwatin, a ɗinke su da takardar ƙidayar a fayil ɗin da ba ya hannun mai riƙo. Rasit ɗin da ba a buga wa hatimi ba yana iya sake dawowa wata mai zuwa a bayan sabuwar bauca. Idan kuma wajen masu na'urar cire kuɗi na bakin titi aka ciro, ladan da suka cire shi ma kashewa ne, a rubuta masa takarda, in ba haka ba akwatin zai fara da gibi tun kafin a taɓa shi.

Akwai wani sabon al'amari da tsofaffin littattafan akanta ba su san da shi ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, har mai shayi ya koma karɓar taransifa. Ofisoshi da yawa sai suka fara tura kuɗin hidima cikin asusun sakatariya na kanta, ita kuma tana biya ta waya. Wannan ya fi durowa marar makulli haɗari, domin kuɗin ofis ya gauraya da na cefanenta, kuma ba za a iya cewa ta kawo bayanan asusunta a duba ba tare da an shiga sirrinta ba. In dai ana son biya ta waya, a buɗe asusu daban na wannan hidimar kaɗai. Dokar ba ta canja ba, ƙafa ce ta ƙaru: tsabar kuɗi, da abin da ke asusun, da baucoci, su tashi adadin da aka yanke. Kowace taransifa tana da baucarta, 'yan kuɗin da banki ke cirewa kuma a tara su a bauca ɗaya ranar ƙidaya. Hoton shaidar turawa yana nuna kuɗi ya tafi ne kawai, bai nuna abin da aka saya ba, kuma a duba sunan mai asusun da aka tura wa ya dace da wanda ke kan bauca.

Ƙidayar ranar Juma'a tana da rauni ɗaya: kowa ya san da zuwanta. Wanda ya ari 20,000 ranar Litinin ya mayar ranar Alhamis da yamma ba zai taɓa bayyana a cikinta ba, har sai ranar da ya kasa mayarwa. Shi ya sa ake ƙara ƙidayar ba-zata, sau ɗaya a wata ko wata biyu, a ranar da mai ƙidaya kaɗai ya sani. A faɗa wa mai riƙo tun ranar da aka ba ta makulli cewa haka tsarin yake, don kada ranar da aka zo ta ɗauka wani ne ya kai ƙararta.

Sannan akwati yana iya daidaita cif alhali ana cin kuɗin. Ƙidaya tana tabbatar da cewa akwai takarda a gurbin kowace naira, amma ba ta tabbatar da cewa takardar gaskiya ta faɗa. Wannan sai mai izini ya karanta baucocin da idon basira kafin ya buga hatimi. Idan iyaka 15,000 ce aka ga baucoci biyu na 14,000 daga shago ɗaya a rana ɗaya, saye guda ne aka raba don a kauce wa iyakar. Idan rasit biyu daga shagon da ke cike da masu saye suna ɗauke da lambobi mabiya juna alhali mako uku ne tsakaninsu, littafin rasit ɗin ba a shagon yake ba. Idan rubutun hannun da ke kan rasit ya yi kama da na kan bauca, a tambaya. Idan kuɗin fetur bai ragu ba a makon da aka samu wuta sosai, a duba litoci. Lokaci-lokaci kuma mai ofis ya tsaya da kansa ya tambayi farashin rim ɗin takarda a kasuwa, domin rasit na gaske ma ana iya roƙon mai shago ya ƙara masa kai.

Ranar da mai riƙo za ta tafi hutu, ko haihuwa, ko aikin Hajji, ba a miƙa makulli a tsaye a bakin ƙofa. A zauna a ƙirga kuɗi nau'i-nau'i kamar ranar Juma'a, a tara baucoci da takardun riƙo, a rubuta lambar baucar ƙarshe da aka yi amfani da ita da ta farkon da ba a taɓa ba, mai bayarwa da mai karɓa da shaida ɗaya su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Ranar da ta dawo a sake yin haka kafin makullin ya koma hannunta.